Kar Ka Kira Auta

Maigida,

Yau ni ke da aikin safe a asibiti, ban so in tashe ka ba. Shayinka na cikin filas.

Don Allah kar ka kira ƙanwarka Auta a kan kuɗin hayar nan. Ba ita ta taɓa ba, ni ce. Ran Talata Mama ta bugo, maganin hawan jininta ya ƙare. Na buɗe ambulan ɗin kuɗin hayar da ke ƙasan kayanka na zari dubu goma, da niyyar in mayar kafin ka lura.

Jiya da ka ƙirga har sau uku, ka ce ba wanda ya shiga ɗakin sai ƙanwarka, sai na bar ka kana zarginta.

A gidan iyayena gwangwanin kuɗi ɗaya ne, mai buƙata ya ɗiba, ya faɗa daga baya. Kai kuwa ko gishiri aka saya sai ka rubuta. Wata bakwai ke nan ina zuba rabona a cikin ambulan ɗin nan, amma har yau ban san yadda zan ce maka mahaifiyata na da buƙata ba tare da na ji kamar roƙo nake ba.

Mai gidan haya zai zo Asabar, albashi kuwa sai Litinin. Ban san me za mu ce masa ba.

Zan dawo ƙarfe uku. In faɗa ne, ka yi da ni. Auta, baiwar Allah, ko ruwa ba ta sha a gidan nan sai ta tambaya.

Matarka