Baba, na rama maka a jarida

Baba, ina gaishe ka, ko da yake na san ƙasa ba ta karatu.

Gida lafiya. Geron Matankari ya yi kyau bana, Inna ce dai har yanzu ba ta bari a zauna kujerarka.

Ka tuna Sanusi, ɗalibinka da ka koya wa riƙe alli a lakwal, makarantar boko? Shi da ya rubuta a jaridar Yamai cewa Arawa "ras" ne, wato iri ne na jini, kamar yadda ake raba shanun Azawak da na Bororo. Har ya ce bai kamata wani mushe, wato malamin lakwal, ɗan Bafillace ya koyar da tarihin Arewa, ƙasar Arawa, ba. Bai faɗi suna ba, amma wa bai gane da kai yake ba? Ka naɗe jaridar, ba ka ce uffan ba har ka rasu. Wallahi na ji haushin shirunka, Baba.

Ni ba ni da haƙurinka. Na rubuta wa daraktan jaridar wasiƙa, zagi tun daga kai har ƙafa. Ya mayar mini. Ya ce ina da haƙƙin mayar da martani, amma ba ya buga zagi. In ambaci kan labarin da ranar fitowarsa, in nuna kuskuren a taƙaice, in sa cikakken sunana. Na haɗiye fushi na sake zama na rubuta wata.

Na ce "ras" magana ce ta launin fata da ƙirar jiki, kuma ko masana sun daina raba mutane da ita. Arawa ƙabila ce: tarihi, al'ada, da zama tare. Na ce akwai Arawan da Zabarmanci suke yi, jininsu ne ya sauya? Zanen da ke tashi daga baki zuwa kunne, wane jariri aka taɓa haifa da shi? Wanzami ne ke yin sa da aska. Abin da aska ke ba mutum ba a jini yake ba.

Sun buga ta a shafin da aka buga tasa. A ƙasa darakta ya ƙara layi biyu, ya amsa kuskure ne, sun janye kalmar. Kasuwar Dogon Dutsi kaf an karanta.

Jiya sai ga Sanusi, wai ya zo gaisuwar rasuwarka, bayan shekara! Na shimfiɗa masa tabarma gaban kujerarka. Tsofaffin ɗalibanka na nan. Na miƙa masa jaridar, na ce ya karanta da ƙarfi yadda ka koya masa. Ya yi ta tafiya har ya kai inda na sa hannu, 'yar Mushe Isuhu, jikar Bafillace. Nan muryarsa ta ƙare. Ban karɓi jaridar ba sai da ya faɗi sunan da bakinsa.

Na san da kai ne, da ka yafe. Ni ban yafe ba.

Allah ya kai haske kabarinka.

'Yarka mai taurin kai,
Hadiza