Firiza Mai Yoyon Gas da Maza Biyu a Gidana

Anti, don Allah ki taimake ni, firiza guda ɗaya na neman raba mijina da ɗana.

Maigidana tsofaffin firiji da firiza yake saye, ya gyara ya sayar. Da wannan sana'a ya aure ni, da ita muka yi tarbiyyar yara biyar. Mutumin kirki ne, Anti, ba don yana mijina ba. Sallah ba ta wuce shi, kuma idan yaron shago ya yi rashin lafiya shi ke kai shi asibiti da kansa. Babban ɗanmu ya karanta ilimin tattalin arziki, aiki bai samu ba, sai ya koma shago wajen babansa. Ƙannensa Farfesa suke ce masa, domin ko gishiri ka ce ya miƙo maka sai ya yi maka bayanin farashinsa a duniya. Da farko abin sha'awa, tare suke fita tare suke dawowa, uban na yi masa tsiya wai digiri bai iya riƙe sukundireba ba.

To, akwai wata babbar firiza da suka saya. Fara tas, ko ƙwarzane babu. Amma gas ɗinta na yoyo ta cikin bangon jikinta, inda hannu ba ya kaiwa sai an farke ta. Idan aka ɗura mata gas sai ta yi ƙanƙara kamar sabuwa, bayan 'yan makonni sanyin ya fara ja da baya har ya ɗauke. Na san haka domin gida maigidana ya kawo ta gwaji, ni ce na zubar da kajina da suka lalace a ciki, har yau ina jin haushi.

Yanzu wata mata mai sayar da ɗanyen kifi ta gan ta, ta ce ta yi mata, ranar Asabar za ta zo ɗauka. Maigida ya ce zai ɗura gas ranar Juma'a, sannan ya faɗa mata abin da yake faɗa wa kowa. Wata magana ce da ya gada wajen ubangidansa: kafin a ƙulla ciniki sai ya dafa kaya ya ce shi fa tarin ƙarfe ya sayar, inji matacce, waya ruɓaɓɓiya, ƙofa karyayya, komai nata lalatacce ne, an yarda? Mai saye yana kallon ƙanƙara a gabansa sai ya yi dariya ya ce ya yarda. Shi a wajensa ya fita haƙƙi ke nan, tun da babu aibin da bai ambata ba, har da waɗanda babu su.

Farfesa ya ce sam, a gaya mata maganar yoyon, a kuma riƙa ba masu saye garanti. Uban ya fusata, ya ce yaron da ya yi wa wanki ne zai koya masa tsoron Allah? Ya ce idan ya buɗe baki gaban matar, to ya nemi wani shagon. Yanzu kowa da tasa hanyar zuwa kasuwa, abinci ma daban nake zuba musu.

Da na ja yaron gefe ina yaba masa, sai ya kashe min jiki. Ya ce Umma, ba wa'azi ba ne, lissafi ne: matar nan ita ce shugabar masu kifi a layinsu, idan ta ji daɗi za ta jawo mana goma. Na ce in da baƙuwa ce mai wucewa fa? Ya sosa kai ya ce wannan kuma wani lissafin ne.

Anti, na rasa gane kaina. Mai tsoron Allahn shi zai ɓoye, mai lissafin shi zai faɗa. Bayan wa zan bi? Ba na so in kunyata mijina, ba na so ɗana ya bar shagon, kuma matar nan tana cikin raina, ko sunanta ban sani ba.

Maman Farfesa

*

Maman Farfesa, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya mayar miki da kajinki. A cikin ku uku ke kaɗai kika riga kika biya kuɗin ilimin wannan firiza.

Bari mu fara da Baba, tun da shi ne babba. Ban ɗauke shi macuci ba. Macuci ba ya wahalar da kansa da jawabi kafin ciniki. Yana faɗin maganar nan ne domin yana so ya kwanta da zuciya fara, kuma tana da ɗan tushe: mai tsohon kaya bai san duk abin da ke cikinsu ba, malamai kuma sun tattauna ko zai iya sharaɗin cewa ba ruwansa da aibin da bai sani ba. Wasu sun yarda, wasu sun ƙuntata abin ƙwarai. Amma wannan yoyo Baba ya san shi, kajinki shaida ne. Aibin da mai kaya ya sani, wanda mai saye zai fasa ko ya rage kuɗi in ya ji, wajibi ne a faɗe shi, kuma malamanmu na fiƙihu sun ce a faɗe shi da sunansa, a nuna inda yake da girmansa, kada a dunƙule shi cikin taro. Ka lissafa aibi tara na ƙarya domin na gaskiya ya ɓace a tsakaninsu, wannan ɓoyewa ce da aka yi da surutu. Dalilinsu mai sauƙi ne. Alƙur'ani ya halatta cin dukiyar juna ta hanyar ciniki bisa yardar juna. Matar nan za ta ce ta yarda, amma da firiza mai ƙanƙara ta yarda. Ba a tambaye ta game da mai yoyo ba.

Ɗura gas ranar Juma'a ya fi damuna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar dabba kwanaki ba a tatse ta ba don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, ya kuma ba wanda ya saya damar mayar da ita. Ki cire tunkiya ki sa firiza, hukuncin bai motsa ba. Ko da an yi cinikin, matar na da haƙƙin dawo da ita ranar da ta gano.

Addini bai ce Baba ya yi asara ba. Ba dole ne ya faɗi nawa ya saya ba, ko nawa zai ci riba. Ya yi tayi, ya ja ciniki yadda ya saba. Aibi kaɗai ne ba nasa ba ne ya riƙe.

Sai Farfesa, ɗan'uwana a zaman aji. Abin da ya karanta gaskiya ne, ni ma an koya min. Idan masu saye ba sa iya bambance mai kyau da maras kyau, sai su riƙa taya komai da kuɗin maras kyau, masu kayan kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Garanti da suna mai kyau su ne maganinsa. Kada ki raina wannan, domin tsari ne da ke kare mai saye ko da mai shago bai yi sallar asuba ba. Matsalarsa ke da kanki kika gano ta da tambaya ɗaya: gaskiyar da riba ke riƙe da ita tana tsayawa inda ribar ta tsaya.

Sai dai ki gaya masa bai gama karatun ba, don ba duk masanan boko ke tare da shi ba. Masu auna aiki da sakamakonsa za su ɗora ƙarin kuɗin da shago zai samu a gefe ɗaya, kifin matar nan da jarinta a ɗayan, kuma baƙuwa mai wucewa ma nauyinta ɗaya ne da shugabar masu kifi. Masu cewa gaskiya wajibi ce a kan kanta za su tambaye shi ko ya yarda kowane mai shago a duniya ya yi masa haka, su kuma ce mutum ba tsani ba ne da za a taka a kai ga kwastoma goma. Tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa mai saye ya buɗe idonsa ita ce kawai ke bayan Baba, kuma ko dokokin ƙasashe da yawa sun rage mata ƙarfi. Ki lura da abin dariyar: Baba na aiki da ƙa'idar da ba ta addini ba yana zaton ta addini ce, Farfesa ya faɗo kan hukuncin addini ta hanyar lissafi.

Abin da Musulunci ya ƙara a kan waɗannan shi ne, ya sa shaida na uku a kowane ciniki, wato Allah, wanda ba ya barin shago idan baƙuwa ta shigo. Ya duba niyya, ba aiki kaɗai ba. Ya kuma yi alkawarin albarka ga masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana, da gushewarta idan suka ɓoye. Albarka ba ta fitowa a lissafin Farfesa, amma Baba ya san ta sarai, kuma ta wannan ƙofar za ki shiga.

Yanzu ke. Kin tambaye ni bayan wa za ki bi, kamar 'yar kallo. Malamai sun ce wanda ya san aibin kaya, ko ba shi ne mai su ba, bai kamata ya yi shiru a cuci mai saye ba. Ban ce ki nemi matar a bayan idon mijinki ba, ba a kai nan ba, kuma ina zaton ba za a kai ba. Ki same shi shi kaɗai, ba yaro a kusa, kada sunan Farfesa ya fito daga bakinki. Ki ce ke ce abin ya tsaya wa a rai, tun da kin gani da idonki, ki roƙe shi ya tambayi malamin da ya yarda da shi game da maganar ubangidansa kafin Juma'a. Mutum irin Baba zai karɓa daga malami abin da ba zai karɓa daga ɗan da ya yi wa wanki ba. Hanyoyi na gabansa: ya farke ta ya sauya bututun gas ɗin da ke yoyo, ko ya faɗa wa matar ya rage kuɗi ta zaɓa, ko ya sayar wa masu gyara a matsayin kayan gyara.

Farfesa kuwa ya rufe baki ranar Asabar, ya bar uban ya faɗa da kansa, a shagonsa, gaban yaransa. Idan ya ji yana so ya ce ai na faɗa, ya fita ya sha ruwa. Maganar garanti ta jira wata guda, ya kawo ta yadda Baba zai ɗauka shi ya fara tunaninta.

Allah ya daidaita miki mazan nan biyu, ya sa albarka a shagon, ya ba mai kifi firizar da za ta riƙe mata sanyi.

Anti