Ɗaya Cikin Goma

Yaya Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Baba ya ƙi yarda a yi masa aikin.

Likita ya ce ƙarin da ke hanjinsa in an cire shi yanzu akwai kyakkyawan zato, in an bar shi zai toshe hanya. Matsalar ita ce zuciyarsa da shekarunsa. Ya ce masu irin yanayin Baba, cikin goma ɗaya ba ya tashi daga gadon aikin. Ni da Mama ya gaya wa haka a baranda, Mama ta roƙe shi ya bari mu fara lallaɓa shi tukuna.

Na shiga na ce, “Baba, ɗan ƙaramin aiki ne, kamar cire haƙori.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Auta, kai da ka taɓa rantse min ba kai ka fasa madubin mota ba, alhali gilas na cikin takalminka? A kira min Edita. In ta ce ba hatsari, a yanka.”

To kin ji. Kalma biyu ce: ba hatsari. Na rubuto ne don a waya kin fi ni baki, kafin in kai aya kin gyara min jimla kamar mai tace labarin jarida, ba a banza ake ce miki Edita ba. Ki taimaka.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Ka gaida Mama, ka ce ta riƙa cin abinci.

Zan zo, kuma zan roƙe shi ya yarda da aikin da duk ƙarfina. Amma ba zan ce masa ba hatsari ba.

Ka lura da dalilin da ya sa ake nema na. Kai ka faɗa bai yarda ba. Ni ake so in faɗa saboda ya san ban taɓa yi masa ƙarya ba. Wato ƙaryar ba ta da ƙafar kanta, a kan gaskiyata za ta tsaya.

Masanan da ke cewa ɗabi'a wajibi ce, ba lissafin sakamako ba, suna da gwajin da nake amfani da shi. Ka ɗauki dalilin da za ka yi abu, ka mai da shi doka ga kowa, ka ga ko zai tsaya. Dokarmu za ta zama: duk mai majinyaci ya ce masa ba hatsari, in ya ga hakan zai cece shi. Ranar da kowa ya bi wannan, babu majinyacin da zai ƙara yarda da “ba hatsari” daga bakin kowa, ƙaryar ma ta daina aiki. Ka ga abin da muke so a zahiri shi ne kowa ya ci gaba da faɗin gaskiya, mu kaɗai a ɗaga mana ƙafa.

Na biyu ya fi damuna. Cikin Baba za a buɗe. In na ɓoye masa ɗayan nan cikin goma, yardar da zai bayar ba tasa ba ce, tawa ce na sa a bakinsa. Na mai da shi kayan da ake turawa zuwa inda muka zaɓa. Wurin na iya zama mai kyau, amma mutum mai hankalinsa ba kaya ba ne.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Na karanta laccarki a tsaye a layin karɓar magani, sai da wata tsohuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Mahaifinki yana ramewa, wandonsa sai da igiya, ke kina gwada doka. Bari in tambaye ki. Mutum ya zo ƙofarki da wuƙa yana neman ƙawarki da ta ɓuya a ɗakinki, ya ce tana ciki? Sai ki ce, “E, bismillah, ga ta can bayan labule”? Ko malamai sun yi sassauci a irin wannan. Ke kin fi kowa ne?

Gaskiyarki kike tattali kamar farin yadi, kada ta yi datti. In ya ji lissafin nan ya ƙi, ya mutu, ki zo ki shimfiɗa masa ita.

An ba ni kaya zan kai nesa, gobe zan tayar da mota. Gara ma kada mu haɗu. Mama ta ce in gaishe ki, shi ya sa na gaishe ki.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Allah ya kai ka lafiya, ka riƙa tsayawa kana hutawa.

Tambayarka tsohuwa ce, kuma a kanta ne mutane da yawa masu ilimi suka rabu da wannan ra'ayi. Ba na raina su. Ga amsar masu shi.

Ba a wajabta min buɗe wa mai wuƙa ƙofa ba, ko ba shi amsa. Ina iya yin shiru, in ce ba zan faɗa ba, in kulle, in yi ihu, in tsaya a gabansa. Abu ɗaya aka hana ni: in faɗi abin da na san ba haka ba ne don ya yarda. Taimakon mutum wajibi ne mai faɗi, kai ke zaɓar yadda za ka sauke shi. Barin ƙarya wajibi ne mai ƙunci, ba shi da ƙofar baya. Shi ya sa ba a sauke na farko ta hanyar karya na biyu.

Sannan mai ƙarya yana ɗauka ya san abin da zai biyo baya. A ce na ce masa ta fita, ashe ta riga ta sulale ta taga ban sani ba, ya juya ya ci karo da ita a lungu. Da hannuna a ciki, don ni na ƙirƙiro hanyar da ya bi. In kuwa ban yi ƙarya ba ya aikata ta'asarsa, laifin nasa ne. Na san wannan ba ya sanyaya zuciya. Ni ma bai sanyaya tawa ba.

Maganar farin yadi ta shige ni. Amma ba tsabtata nake karewa ba, haƙƙin Baba ne ya san abin da zai shiga.

Na iso jiya. Na ja kujera kusa da gadon, ya ce, “Edita, karanto kanun labarai.” Na ce aikin babba ne, cikin goma ɗaya ba ya tashi, in kuma ba a yi ba ƙarin zai toshe hanjin, kuma ni ina so a yi. Sai ya ce a miƙo masa takalminsa, gida zai tafi.

Mun dawo da shi. Mama ba ta yi min magana. Ba zan ce maka na san zai sauya ba, don ban sani ba.

Yayarka

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ba ka ba ni amsa ba, amma wannan dole ka ji.

Tun da muka dawo Baba yake zaune a ƙofar ɗakinsa yana kallon ginin benen da ake yi a bayan layinmu. Shekaranjiya da safe ya kira ni ya nuna min injin ɗaga kayan da ke wurin, irin wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙawa. Ya ce, “Kin ga na saman can? Sau da yawa ba ya ganin abin da yake ɗagawa, gini ya tare. Wancan mai hular a ƙasa shi ne idonsa. Ya ɗaga hannu a ɗaga, ya dunƙule a tsaya. Na yi aiki da wani mai kirki, ba ya son tayar min da hankali, ko kaya na lilo sai ya yi min alamar lafiya lau. Na ce a canza min shi. Mai kirki zai kashe ni.”

Na ce, “To yanzu fa?”

Ya ce, “Da kowa ke min murmushi a asibitin nan, na ɗauka tara ne ba sa tashi. Ɗaya? Na hau sama a iskar da ta fi wannan. Na dawo ne in yi tunani a kan kujerata, ba a gadon mutane ba. Kira likitan, wannan karon ni zai yi wa bayani.”

Mun koma. Likita ya zauna ya zayyana masa komai, Baba yana yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar sabon ma'aikaci. Da aka zo kan magunguna, sai ya laluba aljihu ya fito da wani ƙullin leda. Asfirin ne. Wani abokinsa ya ce yana da kyau ga zuciya, tun daga nan Baba yake sha kullum, ko Mama ba ta sani ba. An tambaye shi tun ranar farko ya ce ba ya shan komai. Ya ce, “Auta ya ce cire haƙori ne, ni kuma ban ɗauki wannan a matsayin magani ba. Amma tunda babba ne, gara ku gani.”

Likita ya ce ƙwayar tana hana jini saurin daskarewa, kuma a aiki irin wannan dole su san da ita tun kafin su fara. Ya dakatar da ita, ya ɗaga aikin zuwa mako mai zuwa.

Kada ka ce ledar ce ta nuna ina da gaskiya. Ban san da ita ba, kai ma haka. Da ya zauna a kujerarsa ya ƙi har ƙarshe, abin da na yi bai zama kuskure ba, sai dai in yi ta kuka da shi. Amma yau ba kuka nake ba. Mama ta zubo min abinci da kanta, har da ƙari. Baba kuma ya ce in gaya wa mai gilas a takalmi ya dawo ya riƙe masa tabarau.

Yayarka

*

Yaya Edita,

Assalamu alaikum. A tashar mai na karanta, na zauna a kan matakalar mota na yi ta dariya, mai zuba man ya ɗauka na taɓu.

Har yanzu in mai wuƙa ya zo ƙofata, ƙarya zan zuba masa son raina, ki rubuta ki ajiye. Amma ranar da aka kwantar da ni, kada a kira kowa sai ke.

Maganar yadi, ki yafe. Na sauke kaya, na juyo. Sai dai hanya ta lalace, ban san ko zan riski aikin ba. Ki riƙe masa tabarau kafin in zo.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. An yi aikin yau da safe. Baba ya tashi.

Da ƙafarsa ya taka har ƙofar ɗakin tiyata, ya ƙi hawa keken marasa lafiya, ya ɗaga wa likita hannu irin alamar “ɗaga”. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, “Edita, ina cikin taran?” Na ce yana ciki. Sai ya ce, “An cire duka?” Mama ta taka min ƙafa. Na ce an cire abin da ido ya gani, sauran ban sani ba. Ya ce madalla, ya koma barci.

Ka tuƙa a hankali, tabarau na hannuna. An aika abin da aka cire ɗakin gwaji don a ga ko ya bazu. Sakamakon bai fito ba tukuna.

Yayarka