Jikana Ya Daina Kukan Gida

Don Allah Hajiya mai ba da shawara, a taimake ni. Ni ban yi boko ba, surukata Umaima ce ke rubuta mini daga nan Ajingi.

Jikana ne, Muhyiddeen, angona nake ce masa don tsokana. Ni na goya shi. Gwamnati ta tura shi karatun likita Turkiyya. Farkon zuwansa kullum sai ya kira. Wai sanyi har ƙashi, ba ya jin yarensu, abinci ba yaji, in ya yi sallama a hanya sai a bi shi da kallo. Na aika masa kuka da daddawa, ya ce buɗe ledar kawai yake ya shaƙa.

To yanzu kiran sai Juma'a. Kuma ya yi wani rubutu a mujallar ɗalibansu, Umaima ta karanto mini a waya. Wai ranar Sallah ya sumbaci hannun wata tsohuwa maƙwabciyarsa ya ɗora a goshi, haka al'adarsu take, ita kuma ta cika shi da alewa. Wai da ya zo hutu bara, yana cin tuwona yana kewar shayin can da abokansa, sai kunya ta kama shi. Wai a can yana kewar nan, a nan yana kewar can. Tun ranar gabana ke faɗuwa. Mu ma kakanninmu daga Barno suka zo fatauci Gaya, garin da aka haife ni, ba su koma ba. Kada ƙasar can ta cinye mini yaro. In sa ubansa ya dawo da shi?

Kaka mai fargaba, Ajingi.

Gaisuwa da girmamawa, Kaka.

Fargabarki tana da dalili, akwai waɗanda suke tafiya su zauna. Amma abin da kika lissafa alamun lafiya ne. Kewar gida ta fi tsanani a watannin farko. Idan ɗalibi ya koyi yare, ya san hanyar kasuwa da masallaci, ya yi abokai, sai ta lafa, ta riƙa taso masa lokacin azumi ko Sallah ko rashin lafiya. Wanda ake ji wa tsoro shi ne wanda ya kulle kansa a ɗaki, barci da karatu suka gagare shi.

Kada a katse masa karatu. Ki gaya masa kina kewarsa, ba da ƙorafi ba, don kunyar da yake ji ta ishe shi. Ki tambaye shi shirinsa bayan ya gama. Ki roƙi ƙarin kira ɗaya a mako.

Ke ma da aka kawo ki Ajingi daga Gaya, na tabbata kin yi kuka, kika daina, kuma ba ki manta gidanku ba. Tsohuwar nan kuwa, ladabin da kika koya masa ne ya kai mata. Ki aika mata yaji da gaisuwa.

Allah ya ja kwana, ki ga ranar da angonki zai auna miki jini da hannunsa.