Inna, an yi miki takwara a Bronx

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da labarin autanki Sani.

Kin san shi da kafiya, ke kika ce ko akuya ya ja sai ta gaji ta bi shi. To ya yi aure. Sunanta Marisol, ma'aikaciyar jinya a asibitin da nake aiki, iyayenta 'yan Dominika, ita kuma Kirista ce 'yar Katolika. Da kin ga fuskar babban ɗanki Yaya Kabiru ranar da aka gaya masa, da kin tausaya mana. Cewa ya yi ga 'yan matan Hausawa cike da unguwar Concourse, a rasa wadda za a ɗauko sai mai giciye a wuya. Ya rantse ba zai yi wakilci ba, ba kuma zai taka gidan ba.

Limamin masallacinmu ya zaunar da shi, ya ce auren Ahlul Kitabi halal ne, in dai da waliyyi da sadaki da shaidu. Yaya ya ce ya sani, shi 'ya'yan yake ji wa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma tsoron ke nan da ya hana ni barci.

Haka aka karɓo takardar aure a ofishin birni, aka ɗaura a masallaci, wani dattijo ɗan Nijar ya tsaya wa Sani kamar maraya. Da aka zo sadaki uban yarinya ya miƙe rai a ɓace, wai 'yarsa ba ta sayarwa ba ce. Da ƙyar ya gane kuɗin nata ne ita kaɗai. Can cocinsu kuma sai da aka nemo izinin bishof, Marisol ta yi alkawarin za ta yi iya ƙoƙarinta a yi wa yaranta baftisma, aka sanar da Sani a gabanta. Ya ji da kunnensa, ita ma ta san abin da addininsa ya ɗora masa. Kowa ya shiga da idonsa biyu.

Yarinyar tana da hali, Inna. Ta fitar da naman alade daga girkinta ba wanda ya roƙe ta, shi kuma yana kai ta coci ran Lahadi ya jira a mota. Tuwonta dai sai addu'a, amma muna ci muna yabawa.

Sai ga haihuwa, mace. Sani ya yi mata huɗuba tun a asibiti, uwar Marisol na tsaye riƙe da farar rigar da aka yi wa duk 'ya'yanta baftisma a ciki. Ta ninke ta, idonta ya kawo ruwa. Na ji tausayinta, don ita ma jikarta take nema wa tsira yadda ta sani. Maganar tana nan har yau ba a kashe ta ba, Sani da Marisol sun ce a bar musu su biyu.

Marisol ce da kanta ta ce a sa sunanki. Ba ta san abin da ta yi ba. Ta ɗauki waya ta kira Yaya ta gayyace shi suna, ta rangaɗa masa sunanki gatsal, sunan da tun da muka tashi ba wanda ya taɓa furtawa a cikinmu. Ina gefe na dafe ƙirji. Ya kashe wayar, na ce shi ke nan, an ƙara wa wuta fetur.

Ranar suna aka yanko rago, aka raba dabino da goro, liman ya raɗa suna, kujerar Yaya babu kowa. Har mun fara kwashe kwanuka aka buga ƙofa. Sai ga Yaya, ya tuɓe takalmi ya shigo bai kalli kowa ba, ya gaida uwar Marisol da kai, ya durƙusa gaban jaririyar kamar yadda yake durƙusa miki da safe. Ya ce, "Inna, sannu da zuwa." Muryarsa ta karye. Da na tsokane shi da rantsuwarsa, ya ce zai yi kaffara, mutum ba ya gaba da gidan da uwarsa take.

Na yi kuka, Inna, na yi kewarki kamar ranar da aka fita da ke.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya raya takwararki, Ya shirya ta, Ya ba iyayenta da kakarta haƙurin juna. Ya Allah kada Ka sa yarinyar nan ta taɓa jin cewa a kanta aka raba zumunci.

Taki har abada,
Hajara