Naman da ke Rumfar Shanya

Aarhus, Danmak, watan Maris

Omma, kakata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙugun naki? An sa bikina da Asger a watan Yuni. Ina so a yi rawar da'ira irin ta tsibiranmu na Faro, da waƙar da kakana Trondur ya yi wa mahaifina bayan teku ta cinye shi. Amma dangin ango ba sa jin harshenmu, ni ma kin san nawa ya tsere tun da Mama ta dawo da ni Danmak ina ƙarama.

Na sa an juya ta zuwa Danishanci sau biyu. Ta farko aikin Malama Bodil ce ta jami'a, ta biyu ta Troels, abokin ango mai kaɗa jita. Ga su a cikin ambulan. Ke za ki zaɓa, wadda kika ce ita za a yi.

Jikarki,
Rannva

Sumba, tsibiran Faro, ƙarshen Maris

Zuwa ga 'yar Danmak mai dogon wuya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙugu yana nan, shi ne mijina yanzu, tare muke kwana muna faɗa. Wannan Asger, hotonsa kamar tunkiyar da aka yi wa aski da wuri. Ki ba shi abinci.

Na ture teburin kicin na gwada waƙoƙinki da ƙafa, don waƙar rawa da ƙafa ake karanta ta. Taku biyu hagu, ɗaya dama, hannuna a kan kujera. Malamarki ta ce:

Na rataye rabonka na naman tunkiya a rumfar shanya,
iska tana shiga ta tsakanin katakai tana fita.
Ni ne na koya maka riƙon filafilin kwalekwale.
Iska ta san hanyar gida, kai ba ka sani ba.

Kalma ko ɗaya ba ta ɓatar ba, matar nan ta san aikinta. Sai dai kowane layin kakanki bugu huɗu ne, ita kuwa nata layin na gama takuna yana nan yana jan gindi. Amsa-amon ƙarshen layi ma babu. Na kusa kifewa a kan murhu. Ta kuma sa ƙaramin tauraro a kan rumfar shanya, da bayani a ƙasan shafi cewa ɗaki ne na katako da muke barin nama iska ta busar har ya yi ƙarfin wari. To wa zai rera ƙasan shafin? Uwar ango?

Sai mai jita:

Na kunna kyandir ina ta kewa,
Iska da teku suna ta rawa,
Ɗana, dare ba ya daɗewa,
Gobe da safe kana dawowa.

Wannan kam ƙafa ta ɗauka, har kyanwa ta gudu. Bugu huɗu cif, ƙarshen layi na amsa juna. Amma ina naman? Trondur bai taɓa kunna kyandir a taga ba, mutumin da ke kashe fitila kafin baƙo ya gama sa takalmi! Kuma wa ya ce ubanki Hedin zai dawo? Yaron nan amsa-amo ya nema, ya ga dawowa ta dace, sai ya tayar mini da ɗa daga teku.

Ɗaya ta kawo gawar, ɗayan ya kawo rigar. Ki ce su haɗa kai su ba mu mutum.

Kakarki mai surutu,
Elinborg

Aarhus, watan Afrilu

Omma,

Ina gaishe ki. Na haɗa su a kan kofi, saura kaɗan su jefi juna da kofuna. Bodil ta ce duk gajeriyar kalma guda ta kakana sai ta ci uku ko huɗu a Danishanci, in ta datse don bugu, ma'ana ce za ta zube. Troels ya ce in ya sa nama mai wari a waƙar biki dariya za a yi, kuma kyandir yana yi wa mutanen Danmak abin da rumfa take yi muku. Sun gwada ta uku, ta fito ba rawa ba ma'ana.

Kada ki yi fushi, Omma. Na ji ku kuna rera ta asalin a kowane hutu, ban taɓa jin komai ba sai ƙarar katakon ƙasa. Ta Troels ce ta fara sa ni kuka don mahaifina. Yanzu kin ce ba abin da kakana ya faɗa ba ne. To wa na yi wa kukan?

Za ki zo, ko?

Rannva

Sumba, watan Mayu

Rannvata,

Gaisuwa. Na jinkirta amsa don na yi ta karanta ta malamarki, wadda na yi wa tsiya. Zan faɗa miki abin da ta yi mini.

Layin filafilin nan shi ne amshi. Mai ba da waƙa ya ja baiti, mu duka mu amsa da shi muna buga ƙafa. Tun kina goye nake amsa shi, baki na faɗa, kunne na kan takun maƙwabciya. Kin san ba a jin agogon ɗakin da ake kwana a ciki. Sai da matar nan ta tuɓe masa kiɗa, ta ajiye shi tsirara a harshen da ba nawa ba, na ji abin da tsohon nan yake cewa. Ni ne na koya maka. Laifin yake ɗora wa kansa, a gaban duk gari, mu kuwa muna ta tsalle a kai. Ni ina gefensa, hannuna cikin nasa. Ya mutu ban ce masa ba laifinsa ba ne.

Mai jitarki layin nan ya fara yarwa, wai bai shiga kiɗa ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Mu da ya shiga mana kiɗa, me muka ji?

Kin tambayi wa kika yi wa kuka. Ubanki mana, sakarya. Hawaye ba ya duba ƙasan shafi. Sai dai ki sani, ta Bodil za ta gaya miki abin da kakanki ya ce, ba za ki iya rawa da ita ba. Ta Troels za ki yi rawa, kakanki ba ya ciki. Wadda ke da duka biyun tana bakin mu 'yan tsofaffin da muka san Hedin, kuma limamin coci yana binne mu ɗaya ɗaya. Yaran garin nan suna da nasu waƙoƙin, ba su san shi ba.

Likita ya ce ni da jirgin ruwa sai a hoto. Ban zaɓa ba tukuna.

Elinborg

Sumba, farkon Yuni

'Yar Danmak,

Gaisuwa ga amarya. Ku yi ta kyandir ɗin. Biki ne, a bar mutane su ce yana dawowa. Ta malamar ki ajiye, wata rana za ki so ta, ba na yi miki fatan ranar ta zo da wuri.

Na aiko da cinyar tunkiya daga rumfarmu, rabon ubanki na bana. Kowace kaka nake ratayewa tun da kakanki ya daina. Bana ba ni na hau tsanin ba, baɗi ban san wa zai hau ba. In dangin ango sun toshe hanci, ki ce musu wannan ce ta asalin.

Allah ya ba da zaman lafiya.

Omma