Zuwa ga Inna, Kan Batun Hoton Saman Guruf

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna Hajiya, tare da ladabin durƙuso da fatan Allah ya ƙara miki haske a makwanci.

Bayan gaisuwa, ni Lawal, ɗanki na biyu, mai riƙe da sarautar admin a guruf ɗin zuri'arki, sarautar da ba ta da rawani balle albashi, ina sanar da ke cewa an yi juyin mulki. An sauya hoton saman guruf. An sauke naki, wanda kike zaune bakin zauren gidanmu na Ikara kina hararar mai ɗauka, an ɗora na jikarki Zainab, 'yar ƙanina Sani ta Makarfi, ita da angonta, da ranar biki a ƙasa. Waya kuwa ba ta iya rufin asiri ba. A tsakiyar hira ta rubuta sunan wadda ta sauya, wato matar Sani, kowa ya gani.

Na gaji, Inna. Ki ba ni aron kunnenki.

Kin tafi kafin ki ga yadda zuri'arki ta ƙware a faɗa da addu'a. Ba wanda ya zagi wani. Yaya Hajara, babbar 'yarki, ta turo saƙon murya daga Kudan da safe: "Allah ya raba mu da manta iyaye tun ƙasarsu ba ta bushe ba." 'Ya'yanta da surukanta suka jero Amin. Kafin azahar matar Sani ta turo tata a rubuce, da furanni kewaye: "Allah ya tsare farin cikinmu daga idon da ba ya so." Mutanen Makarfi suka jero nasu Amin.

Ki duba tarkon. Musulmi ba ya ƙin amsa addu'a. Amma wanda ya ce Amin ga ta farko ya kira Sani mai manta uwa, wanda ya amsa ta biyu ya kira Yaya mai hassada, wanda ya yi shiru kuma waya ta nuna ya gani ya ƙi. Kawu Isa na Paki, bawan Allah, ya amsa duka biyun, ɓangarorin suka haɗu a kan cewa munafuki ne.

Daga nan Yaya ta ɗauke ƙafa. Ita da ba ta fashin gaida guruf kowace Juma'a. Ta aika wa telan da ke ɗinka ankon biki cewa kada a yanka nata. Idan gwaggon amarya ba ta zo ba, kin san ba biki kaɗai aka rasa ba. Kudan da Makarfi sun rabu ke nan, sai dai a haɗu wurin jana'iza.

Na zauna na rubuta jawabi, irin wanda kike cewa ina yi kamar mai neman kujera. Na kawo tarihin gidanmu, na yi nasiha, na raba laifi biyu daidai. Da na sake karantawa da muryar Yaya a kunnena, na ji ƙaninta yana yi mata faɗa a gaban jikoki. Da na karanta da muryar Sani, na ji an yanke masa hukunci ba a tambaye shi ba. Rubutu ba shi da fuska, Inna, kowa da muryar fushinsa yake karanta shi. Na goge tun ban tura ba.

Na yi tunanin kulle guruf, ya zama admin kaɗai ke magana. Amma kullewa shela ce cewa gida ya kama da wuta, maganar kuma ta koma ƙananan guruf da ba a sa ni ba. Na yi tunanin share addu'o'in biyu. Shi ma yana barin tabo a wurin, ga sunan wanda ya share, kuma an riga an ɗauki hotonsu. Mayar da hotonki da hannuna kuwa, marin amarya ne a bainar jama'a.

Sai na danna kan wani saƙona na duba waɗanda suka karanta. Babu sunan Yaya. Amma akwai naki.

Na daɗe ina kallon sunan. Wayarki tana hannun Yaya tun ranar da aka raba kayanki. Ita ke yi mata caji, ita ke sa mata data, don kada lambarki ta faɗi daga cikinmu. Ashe da ita take leƙo mu, don kada a ga ta gani. Wanda ya fita harkar mutane ba ya wannan wahala. Jira take a zo.

Na tuna ranar da matan gida suka yi cacar baki kan turmi. Ba ki ce uffan ba a tsakar gida. Kika kira ɗaya ta taya ki ɓarar gyaɗa a ɗaki, kika bar ta ta yi ta magana har ƙwarya ta cika. Kullum kina cewa, "Ban da sulhu a gaban 'yan kallo, don 'yan kallo ake ƙin sauka."

Saboda haka abin da na rubuta a guruf layi ɗaya ne, ban jingina shi da saƙon kowa ba: "Allah ya jiƙan Inna, ya sanya alheri a auren jikarta." Addu'a ce da kowa zai amsa ba tare da ya soki wani ba. Sannan na kira Yaya. Na gaishe ta, na tambayi gona, na tambayi ƙafarta, na yi shiru. Shirun nan ya fi jawabina wuya.

"Lawal," in ji ta, "ni da na yi wa Zainab wankan jariri, a saman waya zan ga ranar aurenta? Tare da yara?"

Ashe hoton ba shi ne ciwon ba, shi ne dai wurin da ya fashe. Da kina nan, ke za a fara kawo wa goro, ke ki aika Kudan. Da kika tafi ba wanda ya tambayi wa ya gaji wannan matsayi. Sani ya ɗauka sanarwar guruf ta wadatar.

Na kira shi. Ban maimaita masa kalaman Yaya ba, ban tura masa muryarta ba, don abin da aka tura yana ƙara zafi a hanya. Na ce, "Wa ka kai wa goron Zainab?" Ya ce, "Yaya Lawal, ai na sa a guruf." Sai na ji yana tambayar inda makullin babur yake.

Ban san abin da suka faɗa wa juna a Kudan ba, kuma ban tambaya ba. Washegari dai muryar Yaya ta shigo guruf: "A bar hoton 'yata har a kai ta ɗaki. Bayan nan a mayar mini da uwata." Amin ta zubo daga ko'ina. Matar Sani ta yi jinkiri, amma ta amsa. Kawu Isa ya amsa sau biyu, saboda sabo.

Ban ce an warke ba, Inna. Gobe wani zai turo wata addu'ar. Ke kin riƙe wannan aiki shekara da shekaru ba mu sani ba, muna tsammanin haka kawai gida yake zama lafiya. Na yi kewarki.

Allah ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya bar mu haɗe a bayanki.

Saura hukunci. Saboda ɗoki, na amsa muryar Yaya da hoton babban yatsa, kamar sa'ata. Kotun gida ta zauna, ta ci ni tarar damin rake ɗaya, in kai Kudan da ƙafata, in durƙusa. Zan kuma roƙe ta ta ci gaba da yi wa wayarki caji.

Ɗanki mai biyayya, admin ba da son ransa ba,
Lawal